Idan Mai Asusu Ya Rasu: Yadda Ake Fitar da Kuɗin Mamaci da Abin da Ake Yi da Wayarsa

'Yan uwa mata, a zagayen da nake yi na ƙungiyoyi a Talata Mafara da Bakura da Maradun, akwai tambayar da ba ta ƙarewa. Maigida ya rasu, ko uba, ko ɗa, ya bar kuɗi a banki ko a cikin waya. Wayar tana nan a ɗaki, katin cirar kuɗi yana aljihun riga, wani lokaci ma akwai wanda ya san lambar sirrin. Sai a ce da ni: to me zai hana a aiki yaro wurin mai na'ura a bakin kasuwa ya ciro kuɗin a huta?

Amsar ita ce abin da wannan babi ya ƙunsa. Lambar sirri tana buɗe asusu, amma takarda ce take ba mutum haƙƙi. Daga lokacin da mai asusu ya cika, kuɗin ya zama na magada duka, har da jinjirin da ke goye da wanda ke ciki. Hanyar takarda tana da jinkiri da zirga-zirga, ban musa ba. Amma ita ce take kare mace, musamman mai takaba da ba ta fita, daga a cinye mata rabo ko a ɗora mata laifin cin gado.

Me ya sa ba a cirewa da lambar sirri

Izinin da mutum ya ba banki na a biya kuɗi da katinsa ko da wayarsa, izini ne na mai rai. Ya mutu, izinin ya faɗi. Duk wanda ya ci gaba da cirewa yana aiki ne da sunan wanda ba ya duniya, kuma yana taɓa dukiyar marayu kafin a raba.

Abu na biyu, ba a ɓoye shi. Kowace cira tana da rana da awa a takardar bayanin asusu. Idan magana ta kai gaban alƙali, zai sa banki ya kawo wannan takarda, a ɗora ta kusa da takardar mutuwa. Mutum ya rasu ranar Lahadi, an ga an ciri dubu hamsin ranar Talata, to dole a tambayi wanda waya take hannunsa. Galibi a ɗakin mace wayar take kwana, don haka ita ake fara kallo, ko da wani ne ya karɓa ya je ya cira.

Idan an riga an cira saboda likkafani ko kuɗin asibiti, kada a ɓoye. A rubuta nawa ne, ran yaushe, me aka yi da shi, a gaban shaidu biyu, a faɗa wa alƙali tun a zaman farko. Hidimar jana'iza dama daga dukiyar mamaci ake fara fitar da ita. Abin da ke jawo rigima shi ne a yi shiru sai takarda ta tona.

Aikin makon farko: a tsare waya da layi

Kafin a yi maganar kotu, akwai aikin cikin gida. A tattara wayar, da layin da ke ciki, da katin cirar kuɗi, da katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, da duk wata takardar banki. A ba mutum ɗaya da magada suka yarda da shi ya riƙe, a gaban dattawa biyu, a rubuta abin da aka ba shi. Kada a sayar da wayar, kada a ba yaro ya goge ta ya sa nasa layin. Ita kanta wayar tana cikin kayan gado.

Layin ya fi wayar muhimmanci, domin a kansa banki yake aiko alat da lambobin tabbatarwa. Ka'idar hukumar sadarwa ta ƙasa ita ce, layin da ya yi wata shida ba a kira, ba a tura saƙo, ba a sayi data da shi ba, kamfani yana iya tsayar da shi. Idan ya ƙara wata shida a haka, ana iya sayar da lambar ga wani. Kun ga kenan baƙo ne zai riƙa samun saƙonnin bankin mamaci. Maganin abin mai sauƙi ne: a riƙa sa katin naira ɗari ko ɗari biyu, a yi ɗan kira sau ɗaya a wata, har a gama rabo.

A cikin saƙonnin wayar ake gane bankuna nawa mamaci yake da su. A duba alat ɗin da suka shigo, a rubuta sunan kowane banki da ragowar kuɗin da saƙon ƙarshe ya nuna. A duba ko akwai manhajar OPay ko PalmPay ko Moniepoint a fuskar wayar. Idan ana neman lambarsa ta BVN, wato lamba goma sha ɗaya da ta haɗa duk asusunsa na banki, ana buga wannan daga layin da ya yi rajista da shi, za a cire 'yan nairori daga katin:

```
*565*0#
```

A rubuta lambar a ɓoye ta. Banki da kotu kaɗai ake nuna wa. A irin waɗannan kwanaki ne 'yan damfara suke bugowa, su yi gaisuwa da ladabi, su ce daga banki suke, a karanto masu lambar da ta shigo yanzu don a saki kuɗin marigayi. Ba bankin da yake sakin gado ta waya. Duk wanda ya nemi lambar sirri ko lambar da ta shigo ta saƙo, a kashe kiran.

Takardu uku, ɗaya bayan ɗaya

Ta farko ita ce shaidar mutuwa. Idan a asibiti aka rasu, likita yana ba da takarda mai nuna rana da sanadi. Da ita ake zuwa wurin jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na ƙaramar hukuma, shi ne yake ba da takardar mutuwa ta gwamnati, bisa dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992. Mu a nan yawanci a gida ake rasuwa, a yi sutura a ranar. Idan haka ne, a karɓi wasiƙar mai unguwa ko hakimi, wani daga cikin dangi ya yi takardar rantsuwa a kotu, sannan a kai wa jami'in. Wanda aka kashe a hanya ko a gona, Allah ya tsare, a haɗa da rahoton 'yan sanda.

A nan sai an buɗe ido sosai: sunan da za a rubuta ya zama daidai da wanda ke kan katin NIN da asusun banki. Mutumin da duk gari ya sani da laƙabinsa, a banki sunan yankansa ne da na mahaifinsa. Idan sunaye suka saɓa, ko da harafi biyu ne, banki zai mayar da ku ku yo wata rantsuwar. A sa mai karatu ya gwada takardun biyu kafin a bar ofis. A yi hoton takardar kamar kwafi biyar, ta asalin a adana ta cikin leda.

Ta biyu ita ce wasiƙar sanar da banki. Wani daga cikin magada ya je reshe, a Mafara ko a Gusau, da kwafin takardar mutuwa da katin shaidarsa. Da zarar banki ya sani, zai kulle asusun, ba mai iya cirewa. Wasu suna tsoron wannan, su ce kuɗi ya maƙale. A'a, kullewar kariya ce. Daga ranar ba ƙanin miji, ba ɗan kishiya, ba ɓarawon waya da zai taɓa shi. A wannan zuwan ne za a yi tambaya mafi amfani: "Wace takardar kotu kuke karɓa, kuma me za mu haɗo da ita?" A roƙi ma'aikacin ya rubuta jerin a takarda, don kada a yi ta kai da komowa ana kashe kuɗin mota.

Ta uku ita ce takardar kotu, kuma ita ce take buɗe ƙofa. A Zamfara, inda aka faɗaɗa aikin kotunan shari'a tun shekarar 2000, rabon gadon Musulmi a gaban alƙalin kotun shari'a ake yin sa. Ana shigar da maganar rabon gado, a kira magada duka, a kawo shaidun da suka san mamaci da iyalinsa. Alƙali ya tabbatar da waye magaji, sannan kotu ta rubuta wa banki ta nemi a bayyana abin da ke asusun. Bayan haka ta ba da umarni mai hatimi, ko dai a turo kuɗin ta hannun kotu a raba, ko a biya waɗanda aka wakilta.

Akwai bankunan da ba sa tsayawa a nan, musamman idan kuɗin yana da yawa. Sai su ce a kawo takardar izinin kula da gado daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha a Gusau, wadda a samanta aka rubuta Letters of Administration. Ita wannan ta fi ɗaukar lokaci, ana iya yin watanni, kuma kuɗinta yana bin yawan dukiyar. Idan ta fito, banki yakan buɗe sabon asusu da sunan gadon mamacin, a mayar da kuɗin ciki, waɗanda sunansu ke takardar su sa hannu tare. Shi ya sa na ce a tambayi banki tun farko. Duk kuɗin da aka biya a kotu a karɓi rasit. Wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce zai gaggauta maku ba tare da rasit ba, ku wuce shi.

Mai takaba ba sai ta yi ta yawon ofis ba. Tana iya wakilta wanda ta yarda da shi, ɗan uwanta ko babban ɗanta, a gaban shaidu. Amma ta tabbatar sunanta da na 'ya'yanta, mata da maza, sun shiga jerin magada, kuma idan tana da ciki a faɗa wa alƙali. Rabon yara ƙanana alƙali ne yake faɗin wanda zai riƙe masu, a rubuce.

Wanda aka rubuta a fom ba shi ne magaji ba

Lokacin buɗe asusu, akwai gurbin da ake rubuta sunan ɗan uwa na kusa, inda fom ɗin ya ce Next of Kin. Maza da yawa ƙaninsu ko wansu suke sa wa. Ran da aka rasu sai shi ya taso ya ce ai sunansa ne a banki, kuɗi nasa ne. Ba haka ba ne. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne idan wani abu ya faru. Bai ba shi ko kwabo ba, kuma banki ba zai biya shi ba sai da takardar kotu kamar kowa. Idan matar ce aka rubuta, ita ma haka.

Kuɗin da ke cikin waya

OPay da PalmPay da Moniepoint suna aiki ne da lasin Babban Bankin Najeriya, don haka abin da ke cikinsu ba ya ɓacewa saboda mai shi ya mutu. Abin da suke nema iri ɗaya ne da na banki: takardar mutuwa, takardar kotu, da shaidar mai nema. Bambancin shi ne ba su da reshe a kowane gari. Mai na'urar da ke bakin kasuwa ɗan kasuwa ne kawai, ba shi da ikon buɗe asusun mamaci, kuma kada a bar masa wayar. Ana tuntuɓar kamfanin ne ta lambar da ke cikin manhajarsa ko a ofishinsa. Dabara ita ce, tun a zaman kotu a ambaci kowane asusu da sunan kamfaninsa da lambarsa, don takarda ɗaya ta ɗauke su duka. Idan an manta ɗaya, sai an sake komawa gaban alƙali.

A duba kuma ko mamaci ya ci bashi a banki ko a manhaja. Banki yana fara cire nasa daga abin da ke asusun. Bashin yana kan dukiyar da ya bari ne. Ba ya hawa kan matarsa, sai fa idan ta sa hannu ta tsaya masa. Idan masu bin bashi suka dame ta da kira, ta ce a aiko da takarda ga wakilin magada.

Wanda ya daɗe da rasuwa ma ba a makara ba. A ka'idar da Babban Banki ya fitar a 2024, asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kwanta, idan ya kai shekara goma a haka a mayar da kuɗin ajiya a Babban Banki. Magada suna iya nemansa ta hannun bankin da asusun yake, da waɗannan takardu da na lissafa.

Misali daga farko har ƙarshe

Bari mu ɗauki misali, ba na wani gida ba, don a ga lissafin. Manomin shinkafa ne a fadamun Bakolori, ta ɓangaren Bakura. Ya rasu ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji ɗaya, da 'ya'ya mata uku. Mahaifinsa ya riga shi. Ƙaninsa ne aka rubuta a fom ɗin banki. Bayan kotu ta rubuta, sai aka ga naira 450,000 a banki, da naira 130,000 a asusun waya. Jimla 580,000.

Kafin a yi maganar rabo, amaryar ta ce akwai 40,000 nata a ciki. Rabonta ne na ƙarshen zagaye daga ƙungiya, ta ba shi ya ajiye mata a waya saboda ita ba ta da asusu. Uwargida ta ce ba ta san da wannan ba, kuma tana da gaskiyarta, don ba a gabanta aka yi ba. Me zai raba gardama? Littafin ƙungiya ya nuna ranar da aka ba ta 40,000. Bayanin asusun wayar ya nuna an zuba 40,000 washegari. Sannan akwai mutum biyu da suka ji marigayi da bakinsa yana cewa kuɗin amarya yana wurinsa. Idan alƙali ya gamsu, sai a fitar mata da abinta tukuna, domin amana ba gado ba ce. Da babu littafi babu shaida, da wuya kuɗin ya tsira daga shiga rabo.

Saura 540,000. Mai taki yana bin 35,000, ya kawo shaidarsa, an biya. A misalin nan mu ɗauka jana'iza da takardu sun ci 25,000. Marigayi bai bar wasiyya ba. Da ya bari, da an fitar da ita bayan bashi, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Abin rabo ya zama 480,000.

Matan biyu suna da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya. Shi ne 60,000, kowace 30,000. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida, 80,000. Saura 340,000 na 'ya'ya, namiji rabo biyu, mace rabo ɗaya. Rabo biyar kenan, kowane 68,000. Namijin ya sami 136,000, kowace mace 68,000. Ƙanin da sunansa ke fom bai sami komai ba, domin ɗa namiji ya shamakance shi.

Yanzu ku duba da an bi ta ɗaya hanyar. Da ƙanin ya karɓi waya ya ciri 130,000 ya yi hidimar sadakar uku da ta bakwai, da amarya ta rasa 40,000 nata, ga rabon marayu ya ragu, ga kuma zargi tsakanin ɗakuna biyu da zai daɗe bai mutu ba. Wannan lissafi na kuɗin asusu ne kawai. Gona da gida da dabbobi alƙali yana haɗa su a rabon, shi ne kuma yake yanke hukunci a kowane gida.

WhatsApp: kwana 120

Ba kuɗi kaɗai ke cikin waya ba. Akwai hotuna, da muryar mamaci, da kuma saƙonnin ciniki: wa ya karɓi buhu nawa, wa ya yi alkawarin biya bayan girbi. Irin waɗannan suna taimakawa a gaban alƙali.

WhatsApp ba shi da tsarin tunawa da mamaci, kuma kamfanin ba ya ba dangi saƙonni, domin a cikin wayar suke zaune. Ka'idarsa ita ce, asusun da ya yi kimanin kwana 120 bai hau ba, yana iya goge shi. Ku lura, takaba wata huɗu da kwana goma ce, wajen kwana 130. Matar da ta ce sai ta fita takaba za ta duba, tana iya tarar da an rufe asusun. Abin da ke kan wayar yana nan muddin ba a cire manhajar ko an goge wayar ba, amma ya fi kyau tun a watan farko a kwafe abin da ake buƙata zuwa wata wayar ko katin ajiya.

A yi wannan da kunya da amana. Mutum biyu da aka yarda da su su zauna, su nemi maganar bashi da ciniki kawai. Sirrin mamaci da na matansa ba abin karantawa a tsakar gida ba ne. Kada kuma a riƙa tura saƙo da sunansa. Idan an gama, a sanar da ƙungiyoyin da yake ciki, sannan a goge asusun daga cikin manhajar, don kada wani ya yi amfani da hotonsa yana roƙon kuɗi.

Facebook: a bar shi don tunawa ko a rufe

Facebook ba ya ba kowa lambar shiga shafin mamaci, ko uwa ce ko mata. Zaɓi biyu yake bayarwa.

Na farko, a mayar da shafin na tunawa. Ɗan uwa ko aboki yana cika fom a sashen taimako na Facebook, wanda ake samu idan an rubuta Memorialization Request, ya sa sunan shafin da ranar rasuwa da hoton shaidar mutuwa. Idan an amince, kalmar Remembering za ta fito kusa da sunansa. Hotunansa suna nan ga waɗanda dama suke ganinsu, abokai suna iya rubuta addu'a idan saitin shafin ya bari, kuma an daina tuna wa mutane ranar haihuwarsa. Daga nan ba mai iya shiga shafin, ko da wanda ya san lambar. Amfaninsa kenan: ɓarawo ba zai sace shi ya yaudari dangi ba.

Na biyu, a rufe shi gaba ɗaya. Wannan sai ɗan uwa na jini ko mata ko miji ko wakilin gado, da takardar mutuwa, wani lokaci da shaidar dangantaka. Idan an goge ba ya dawowa, don haka a sauke hotunan da ake so tukuna, kuma a yi shawara da iyayensa da 'ya'yansa. Iyalan da suke ganin akwai hotunan da ba sa so su ci gaba da yawo bayan mutum ya kwanta dama, wannan ce hanyarsu.

Tun 2015 Facebook ya ba mai rai damar zaɓen wanda zai kula da shafinsa bayan ya mutu, a saitin da ake kira Legacy Contact. Wanda aka zaɓa yana iya liƙa sanarwa a sama, ya canja hoto, ya karɓi abokai, ko ya nemi a rufe shafin. Ba ya iya karanta saƙonnin sirri. Shi kuma asusun Google, wanda wayoyi masu shafawa suke ajiye lambobin mutane da hotuna a ciki, kamfanin yana iya goge shi idan ya shekara biyu ba a taɓa ba. Shi ma ba ya ba da lambar shiga, sai dai dangi su cika fom da takardar mutuwa ya duba buƙatarsu.

Abin da ƙungiya za ta gyara tun yau

Duk wannan ya shafi akwatinmu kai tsaye. Idan kuɗin ƙungiya yana zaune a asusun ma'aji ko na mijinta, ran da ta Allah ta kasance za a kulle shi tare da nasu, kuma a idon banki kuɗin mamaci ne. Sai kun je gaban alƙali da littafi da shaidu kafin ku ga abinku, wataƙila lokacin rabo ya wuce. Don haka a buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, biyu su isa cirewa. Idan ɗaya ta rasu, ƙungiya ta zauna ta zaɓi wata, a kai wa banki takardar zaman da kwafin takardar mutuwa.

Idan dole sai an ajiye a asusun mutum na ɗan lokaci, a rubuta a littafi: nawa, ran yaushe, a asusun wa, shi ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa nasu, a adana rasit ɗin mai na'ura. Ke ma da kike ba maigida ajiya, ki yi haka. Ba rashin yarda ba ne, don shi ma kin sauke masa nauyi ranar da ba zai iya magana ba.

Idan kuma 'yar ƙungiya ce ta rasu, zubinta da ribarta gado ne. A cire bashin da ke kanta yadda dokar ƙungiya ta tanada, a rubuta ragowar, a miƙa wa wakilin da magada ko kotu suka naɗa, a gaban shaidu, ya sa hannu a littafi. A zama mai zuwa, sakatariya ta karanta wannan babi a bayyane, sannan kowace mace ta koma gida ta sa a rubuta mata takarda ɗaya: sunan bankinta, layin da ta yi rajista da shi, wanda take bi da wanda yake bin ta. Ba a rubuta lambar sirri a ciki. A ninke ta, a faɗa wa mutum ɗaya amintacce inda take.